Ina Juma'ar ɗana ta shiga?

Tambaya daga wata uwa a Nima, Ankara ta ƙasar Gana: Alhaji, barka da hutawa. Ɗana da ke zaune a Amurka ya tashi daga Los Anjalas daren Alhamis za shi Sidni ta Ostireliya wajen aiki, cikin watan Janairun nan. Ya ce awa 15 ya yi a sama, amma da ya sauka sai ga shi safiyar Asabar ce. To, ina Juma'ar ta shiga? An ce kai ka yi aikin jirgin ruwa, ka san kan abin.

Hajiya, barka kadai, Allah ya raya mana yaran. Ɗanki bai yi miki ƙarya ba, kuma masu jirgin ba su ci masa ko minti ɗaya ba. Ki ɗauko agogonki na nan Ankara mu bi shi da shi, domin mu mutanen Gana an yi mana gata a wannan lissafi. Layin da duniya take fara ƙirga lokaci daga kansa, wanda ya bi ta Girinic a Landan, ya ratso ta Tema ne kafin ya faɗa teku. Saboda haka agogon da ke bangon ɗakinki shi ne abin da ake rubutawa GMT, kuma ba ma matsar da shi gaba ko baya, rani da damina. Matuƙan jirgi da shi suke auna kowane lokaci, ke kuwa kina da shi kyauta.

A watan Janairu agogon Los Anjalas yana bayan namu da awa 8, na Sidni kuma yana gabanmu da awa 11. Mu ɗauka jirgin ya tashi ƙarfe 10:30 na daren Alhamis, domin a irin wannan lokaci yawancin jiragen hanyar suke tashi. Ki ƙara awa 8, ki ga a Nima ƙarfe 6:30 na safiyar Juma'a ne, kin idar da asuba, masu koko da ƙosai sun riga sun fito. Ya yi awa 15 a sama, wato ya sauka ƙarfe 9:30 na daren Juma'a a agogonki. Yanzu ki ƙara awa 11 na Sidni, sai ki sami ƙarfe 8:30 na safiyar Asabar. A wurinki duk tafiyar tasa cikin Juma'a aka yi ta, tun daga sassafe har bayan isha'i. Lokacin da kuke sahu a masallaci, shi yana can saman tekun Fasifik cikin duhu, wataƙila yana barci.

Wannan ya nuna lissafin daidai yake, amma bai faɗi dalili ba, kuma dalilin ne ya fi daɗin ji.

Kin san duniya tana juyawa ne zuwa gabas, shi ya sa na gabas yake riga na yamma ganin rana. Malaman taswira sun raba zagayen duniya kashi 360, suna kiran kowane kashi digiri. Tana gama zagaye ɗaya cikin awa 24, don haka kowace awa digiri 15 ke nan, kowane digiri kuma minti 4. Ba sai an je nesa ba ma. Kumasi tana yamma da Tema da digiri ɗaya da rabi da 'yan kai, don haka rana takan kai tsaka a Tema da kamar minti 6 kafin ta kai tsaka a Aboabo ta Kumasi, ko da yake agogon garuruwan ɗaya ne. Wanda ya je Legas ko Kano yakan tura agogonsa gaba da awa ɗaya. Ke da kika sauke farali kin tuna kun tura naku gaba da awa 3 da kuka sauka Jidda. Mai tafiya gabas yana ƙara awa, mai tafiya yamma yana ragewa. Har nan babu wanda yake gardama.

Rigimar tana tasowa ne saboda duniya ƙwallo ce, gabas da yamma suna haɗuwa a bayanta. Ki ɗauka 'yan'uwa biyu, Hassan da Usaini, sun tashi daga filin jirgin Ankara, dukansu Sidni za su. Hassan ya bi gabas, ta Dubai da Singafo, yana ta tura agogonsa gaba, har ya isa ya tura awa 11. Usaini ya bi yamma, ta Amurka, yana ta mayar da nasa baya: awa 5 a Niyu Yok, awa 8 a Los Anjalas, awa 10 a Hawayi, in ya ci gaba a haka har Sidni zai mayar da awa 13. Sun haɗu a ɗaki ɗaya, sun dubi agogunansu, dukansu sun nuna ƙarfe 8:30 na safe, domin 11 gaba da 13 baya wuri ɗaya suke tsayawa a fuskar agogo. Amma Hassan ya ce yau Asabar, Usaini ya ce yau Juma'a. Tsakanin 11 gaba da 13 baya akwai awa 24 cif. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa ya bi rana yadda ya gan ta. To gari ɗaya ba ya zama da rana biyu. Dole a sami wani wuri a hanya da za a ce wa ɗayansu: tsaya nan, gyara kalandarka. Wurin nan shi ne layin canjin kwanan wata, kuma Usaini ne hanyarsa ta bi ta kansa, kamar ɗanki.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, ba a kan layin ake yin asarar kwanan ba. Mai tafiya yamma yana bin rana a baya ne, sai yininsa da darensa su yi ta tsawo. Duk awar da ya mayar da agogonsa baya, kamar ya karɓi kaya ne a shago an rubuta masa a littafin bashi. Layin shi ne ranar da mai shago ya buɗe littafi. Sai dai shi wannan mai shagon ba ya karɓar biya kaɗan-kaɗan, awa 24 yake karɓa dunƙule, ko ka ci su duka ko ba ka ci ba. Ɗanki daga Los Anjalas zuwa Sidni awa 5 kawai ya ci, aka karɓi 24, saura 19 suna wajen mai shago. Shi ya sa Sidni take gaban Los Anjalas da awa 19. Ajiya ce, ranar da ya juyo za a ba shi abinsa.

Ni a jirgin ruwa na fara ganin wannan, kuma a can ya fi fitowa fili saboda tafiyar a hankali take. Ina mataimakin matuƙi a jirgin kaya, mun fito daga mashigar Fanama za mu Jafan, tafiyar kusan mako uku. Duk bayan kwana biyu ko makamancin haka kyaftin yakan ba da umarni a mayar da agogo baya da awa ɗaya cikin dare. Da yake masu tsaron dare rukuni uku ne, ba a ɗora wa rukuni ɗaya awar duka, sai a raba ta minti 20-20, kowa ya ɗanɗana ƙarin aikin. Daga Fanama zuwa layin mun mayar da awa 7, daga layin zuwa Jafan muka ƙara mayar da 3. A tsakiya kuwa aka wayi gari an liƙa takarda a ɗakin cin abinci cewa jiya Talata, yau Alhamis. Littafin jirgi ba shi da shafin Laraba a wannan mako. Wani yaro ɗan Takoradi da ke aiki a ɗakin inji ya tayar da hankalinsa, wai za a yanke masa kuɗin kwana ɗaya, sai da muka juyo ya ga Litinin biyu a jere sannan ya bar maganar. Kyaftin yakan jira tsakar dare kafin ya canza kwanan, ko da da rana aka ratsa layin, don kada lissafin littafi ya rikice. Kuma kyaftin mai tausayi ba ya tsallake Lahadi in yana da yadda zai yi, saboda ita ce ranar da aiki yake sauƙi.

A tekun babu wata alama. Ruwa ne ta ko'ina, na'ura ce kawai take nuna lambar digiri ta kai 180 a yamma, sai ta koma tana raguwa a gabas.

Akwai wata hanyar kallon abin da ni ta fi kwanta mini. A kowane lokaci akwai wani wuri a duniya da tsakar dare take, kuma a nan ne sabuwar rana take shiga bisa kalandar bature. Wannan iyakar ba ta tsayawa, tana tafiya yamma tana zagaya duniya. Amma in ki yanka lemo da niyyar fitar da ɓari, yanka ɗaya ba ya isa, sai biyu. Haka kwanan wata: in akwai iyakar da Juma'a take ƙarewa Asabar ta fara, dole a sami iyaka ta biyu da Asabar take ƙarewa a koma Juma'a. Ta farko ita ce tsakar dare mai yawo, ta biyu ita ce layin nan da aka kafe a Fasifik. Sabuwar rana daga layin take fitowa, ta bazu zuwa Ostireliya da Asiya, ta zo Makka, ta zo mana, ta ƙetare zuwa Amurka, ta je ta mutu a ɗaya gefen layin. Ƙarfe 12 na rana a Ankara shi ne lokacin da tsakar dare take sauka daidai kan digiri 180, domin mu da layin muna baya da baya ne. Mutum ya tsaya a Tema ya yi ta bin layinmu arewa har ya wuce ƙarshen duniya, to a kan digiri 180 zai gangaro.

Yanzu mu koma jirgin ɗanki. Bayan kamar awa 11 da tashinsa ya kai digiri 180, a yankin tsibiran Fiji. A agogonki ƙarfe 5:30 na yammacin Juma'a ne, ana shirin magariba. A can kuwa ƙarfe 5:30 na asuba ne, ta kowane gefen layin. A gefen da ya fito asubar Juma'a ce, a gefen da ya shiga asubar Asabar. Agogo bai motsa ba, sunan rana ne ya canza. Mu da muke lissafin dare kafin yini, sai mu ce ya sami daren Juma'a cikakke, har ma ya fi na kowa tsawo, amma garin da ya waye masa na Asabar ne. Ya yi isha'i kafin ya shiga jirgi, alfijir ɗaya ya keto masa a hanya, kuma rana ba ta taɓa kaiwa tsaka a kansa ba tsakanin tashi da sauka. Na faɗi wannan ne don in ya kai wa malaminsa tambayar salla, ya kai ta da hoton abin da ya faru da rana, kada ya ce kawai "na tsallake kwana ɗaya" a ɗauka salloli biyar sun wuce shi yana zaune. Hukuncin kuwa na malamai ne, ni matuƙi ne.

Mutane sun gano wannan tun kafin a yi jirgin sama. Abul Fida, malamin tarihi da taswira wanda ya yi sarautar Hama a ƙasar Sham, ya rasu a 1331, ya rubuta cewa wanda ya zagaya duniya ta yamma zai dawo da lissafinsa ya gaza na mutanen gida da kwana ɗaya, wanda ya bi gabas kuma nasa zai zarce da ɗaya. Da hankali ya gano shi, babu wanda ya yi tafiyar a lokacin. Sai kusan shekara 200 bayan haka aka gani da ido. Ayarin Majelan ya bar Sifen a 1519 ya bi yamma, kuma ragowar mutanensa sun iso tsibiran Kef Bad, nan yammacinmu, a watan Yulin 1522. A lissafinsu ranar Laraba ce, mutanen gari suka ce musu Alhamis ce. Sun duba littafinsu ba su tsallake ko rana ɗaya ba cikin shekara uku. Fitowar rana suka yi ta ƙirgawa, kuma da yake bin ta suke yi, kowane yini nasu ya ɗan fi na gida tsawo, har ƙananan mintocin suka taru suka zama kwana guda.

A 1884 ƙasashe 25 suka yi taro a Washintan suka amince a riƙa ƙirga digiri daga Girinic. Mutane da yawa suna zaton a taron nan aka shata layin kwanan wata, amma ba haka ba ne, kuma har yau babu wata yarjejeniyar ƙasashe da ta kafa shi. An dai yi dace kishiyar Girinic ta faɗa tsakiyar Fasifik inda mutane ba su da yawa. Ki yi tunanin da a ce ta tsakiyar Gana ya bi, a Ankara Juma'a, a Kumasi Asabar, direban bas yana fita daga wannan rana yana shiga waccan sau biyu a yini. Kowace ƙasa ita take zaɓar kwanan da za ta bi, masu zana taswira su ja layi su kewaye zaɓin. Shi ya sa in kin dube shi a taswira za ki gan shi a karkace. Miƙaƙƙen na digiri 180 mu ne muke bin sa a tsakiyar teku, nesa da ruwan kowace ƙasa.

Can arewa ya lanƙwasa gabas don kada ya raba Rasha biyu, ya bi tsakanin wasu tsibirai biyu da ake kira Diyomid, babban na Rasha, ƙaramin na Amurka. Tsakaninsu bai kai kilomita 4 ba, amma da sanyi agogonsu yana bambanta da awa 21. Wannan ya nuna ba kullum ba ne bambancin yake cika 24 daidai, ya danganta da agogon da kowane gefe ya zaɓa. Ƙasar Kiribati kuwa da layin ya raba ta biyu, ofisoshin gwamnati na gefen nan da na gefen can ba sa haɗuwa a ranar aiki sai kwana huɗu a mako. Daga farkon 1995 suka tura layin can gabas ya kewaye tsibiransu duka, har wasu suka koma gabanmu da awa 14. Sakamakon haka, kullum tsakanin ƙarfe 10 da 11 na safe a nan, rana uku ce take gudana a duniya lokaci guda. Ƙarfe 10:30 na safiyar Juma'a a Nima, a gabashin Kiribati Asabar ta shiga da rabin awa, a Samowa ta Amurka kuwa saura rabin awa Alhamis ta ƙare.

Labarin da ya fi kama da na ɗanki shi ne na Samowa mai cin gashin kanta, domin su ƙasa guda ce ta tsallake Juma'a ba tare da kowa ya motsa daga gidansa ba. Cinikinsu ya koma da Ostireliya da Niyu Zilan, kuma kasancewarsu a gefen Amurka yana cinye musu kwana biyu na kasuwa kowane mako: Juma'arsu Asabar ce a Sidni, Lahadinsu kuma Litinin. Sai suka kwanta daren Alhamis 29 ga Disamba 2011, suka tashi Asabar 31 ga wata. Babu wanda aka haifa a Samowa ranar 30 ga Disamba ta wannan shekara. Su ɗin dai ne a 1892 suka ƙetara zuwa gefen Amurka, suka yi 4 ga Yuli sau biyu. Kwanan da suka karɓa ne suka mayar bayan shekara 119.

Inda abin yake cutar da matafiyi ba a sama ba ne, a takarda ne. Lokacin da aka rubuta a tikiti kowanne na garinsa ne: na tashi agogon garin da aka tashi, na sauka agogon garin da aka sauka. Kusa da lokacin sauka akan sa ƙaramar alama, +1 ko +2, kuma a tikitin ɗanki +2 ce. Wanda bai lura da ita ba shi ne yake kama ɗakin otal na daren Juma'ar da ba zai kwana a ciki ba, ko ya sa a je tarbarsa kwana ɗaya kafin ya iso. Mafi muni shi ne wanda aka ce ya bayyana wajen aiki ko jarrabawa ranar Litinin da safe, ya sayi tikitin daren Lahadi daga Amurka, ya sauka Talata. Mai shan magani a kan lokaci, kamar na suga ko hawan jini, ya ƙirga awowin da suka wuce tun shan ƙarshe, kada ya bi sunan rana, domin jiki awa 15 ya sani. Waya takan gyara kanta in ta kama sabis, amma agogon hannu mai nuna kwanan wata sai an juya shi, kuma a nan na ga mutane da yawa suna juyawa a baibai. Abin da yake ruɗa su shi ne, mai ratsa layin yana fuskantar yamma ƙasashen gabas yake shiga. Ni yadda nake koya wa yara shi ne su manta da gabas da yamma: daga Amurka zuwa Asiya ko Ostireliya a ƙara kwana, daga can zuwa Amurka a rage. In kuma shakka ta shiga, a mayar da lokutan biyu zuwa agogon Gana a debe. In abin da ya fito ya yi daidai da tsawon tafiyar, lissafin ya yi. In ya fito awa 39 ko ya gaza sifili, to kwanan ne aka sa a gefen da ba nasa ba.

Lambobin nan na 8 da 11 na lokacin Janairu ne. Su can suna matsar da agogo da canjin yanayi, kuma lokacin zafinsu ba ɗaya ba ne. A watan Yuli Los Anjalas tana bayanmu da awa 7, Sidni tana gabanmu da 10, tazarar ta koma 17.

In zai koma kafin watan Maris, ga abin da za ki gani. Mu ce ya bar Sidni ƙarfe 11 na safiyar Litinin. A Nima tsakar dare ce, Litinin ta shigo ke nan. Dawowa takan ɗan fi sauri saboda iska tana tura jirgin daga baya, kamar awa 14, wato ƙarfe 2 na ranar Litinin a agogonki. Ki debe awa 8, ya sauka Los Anjalas ƙarfe 6 na safiyar Litinin ɗin nan dai, awa 5 kafin lokacin da tikiti ya ce ya tashi. A hanya rana za ta faɗi masa, a yi gajeren dare, gari ya sake wayewa, sunan ranar bai canza ba. Zai karya kumallon Litinin sau biyu, ya yi asubarta sau biyu. Kafin nan, in kina son ki same shi a waya, ki kira bayan isha'i, wajen ƙarfe 8 na dare. A wurinsa ƙarfe 7 na safiyar gobe ne, bai fita aiki ba tukuna.